Malam Nura, ga abubuwan da zan turo maka na aikin asibiti

Assalamu alaikum Malam Nura. Ya aiki, ya iyali? Ka yi haƙuri, na ga kiranka har sau uku jiya, ina ɗakin haihuwa, ban fito ba sai bayan isha'i. Yanzu ma tsakanin awon safe da zagayen masu jego nake rubuto maka, saboda haka zan haɗa komai wuri ɗaya don kada mu yi ta jan magana a waya.

Aikin dai kamar yadda muka tsaya ne: allon bakin ƙofa mai ƙafa 8 da ƙafa 4, takardar rabawa A4 mai ninki uku guda 2,000, sabon katin awo, da hotuna shida da za mu riƙa sawa a WhatsApp. Ina so komai ya fito daga wurin bugu kafin mu buɗe sabon ɗakin masu jego, wato nan da mako biyar in Allah ya yarda. Ka tambaye ni me zan kawo, me kai za ka samo. Amsar ita ce rubutu duk nawa ne, hotuna duk nawa ne, amincewa ma daga gare ni za ta fito. Naka shi ne tsari da launi da zaɓen haruffa, kuma a nan ba zan sa maka baki ba sai ka tambaye ni.

Rubutu tukuna. Ranar Litinin da daddare za ka samu kashin farko: cikakken sunan asibiti yadda yake a takardar rajistarmu ta CAC, harafi da harafi, da adireshi da kwatance, da lokutan aiki, da jerin abin da muke yi. Jerin gajere ne: awon ciki, sikanin, karɓar haihuwa dare da rana, duba yara, rigakafi, gwajin jini da fitsari, da tazarar haihuwa. A Hausar ka bar shi "tazarar haihuwa" yadda na rubuta. Kada wani ya gyara maka zuwa "ƙayyade iyali", don na san mazan da in suka ga wannan kalmar a allo, matansu ba za su sake tako ƙofarmu ba ko don awo. Tiyata ba ta cikin jerin, kuma da gangan ne. Idan haihuwa ta zo da gardama, muna tura mace Asibitin Murtala ko Asibitin Malam Aminu Kano, kuma ina so wannan ya fito a takardar ƙarara, da layinsa shi kaɗai. Gara mace ta san iyakarmu tun tana gida.

Lambobin waya ba zan turo su cikin saƙo ba. Zan rubuta su da hannuna a takarda, in sa hannu, a ɗauko maka hotonta. Ka ga kamar na cika tsanani, amma shekara uku da suka wuce wani mai bugu ya juya mana lamba biyu a takarda dubu ɗaya, aka yi wata guda ana kiran wani bawan Allah mai sayar da taya da tsakar dare ana ce masa naƙuda ta tashi. Shi ya gaji ya nemo mu da kansa. Har yau sauran takardun suna sito, da su muke naɗe auduga.

Kashi na biyu shi ne wanda ya fi damuna, kuma sai Alhamis za ka same shi, don ina so babbar ungozomarmu, Sista Ladi, ta karanta kafin ya bar hannuna. Alamomin haɗari ne ga mai ciki: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya kafin lokaci, da jin ɗa ya daina motsi. Waɗannan takwas ɗin ka ba su shafin tsakiya gaba ɗaya, da manyan haruffa, ko da sai ka rage hoton gini. Yawancin matan da ke zuwa mana ba su za su karanta ba. Miji ne zai karanta, ko ɗiyarta 'yar firamare, wani lokaci da hasken tocilan ta waya. Ka riƙa tuna wannan yarinyar in kana zaɓen girman harafi.

A bayan katin awo za a sa layi takwas na ranakun zuwa, ba huɗu ba kamar a tsohon katin, tunda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shawararta zuwa ganin ma'aikacin lafiya sau takwas. A bar gurbin hawan jini da faɗi, don nas-nas ɗina rubutunsu manya ne. A ƙasa kuma jadawalin rigakafin yara: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, wata 15. Sunan kowace allura da ciwon da take karewa, irin su tarin fuka, shan inna, ciwon hanta, ƙyanda, shawara da sanƙarau, zan kwafo su daga katin da hukumar lafiya a matakin farko take ba mu a yanzu. Kada ka ɗauko daga intanet, jadawalin yana samun ƙari lokaci zuwa lokaci, tsofaffin kuma suna nan suna yawo.

Komai zai zo da Hausa da Turanci, Hausar a sama. Ina roƙonka ka gwada haruffan da za ka zaɓa tun yanzu, ka ga ko suna da ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana. A waccan takardar da na ba ka labari, "ɗakin baƙi" ya koma "dakin baki", wani wurin kuma akwati ne ya fito a madadin harafin. Akwai layi biyu na ajami da nake so a ƙasan allo, "ana karɓar haihuwa dare da rana" da sunan asibiti. Limamin masallacin layinmu ya ce zai rubuta da alƙalaminsa bayan sallar Juma'a. Zan turo hotonsa, ka ɗora shi yadda yake, kada a sake buga shi da na'ura.

Farashi ba za mu sa ba. Kafin takardun su ƙare kuɗin magani da na dizal sun canza sau uku. Ka rubuta "a tambaya a wurin yankar kati" kawai.

Sai hotuna. Mai hoto zai zo ranar Asabar da ƙarfe 7 na safe, kafin layi ya taru kuma kafin rana ta daki gaban ginin. Zai ɗauki gaban asibiti, wurin zaman jira ba kowa, ɗakin sikanin, ɗakin gwaji, sabon ɗakin masu jego da gadajensa shida, da ma'aikata a tsaye cikin kayan aiki. Mu goma sha ɗaya ne, amma tara za ka gani. Biyu daga cikin nas-nas sun ce mazajensu ba su yarda hotonsu ya hau allo ko waya ba, ni kuma ban ja da su ba. Nawa hoton guda ɗaya ne, da farar riga da hijabi, a cikin takarda kaɗai. A allo ban yarda ba, ba takarar kansila na fito ba.

Hoton mara lafiya babu, ko na jariri, sai guda ɗaya. Akwai wata mai jego da ta haifi tagwaye a wurinmu, ita da maigidanta sun yarda a ɗauki ƙafafun jariran a tafin hannun Sista Ladi, ba fuska, ba suna. Sun sa hannu a takardar yarda da na rubuta musu da Hausa aka karanta musu, kwafinta zai biyo hoton. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ɗora mana riƙe sirrin mara lafiya, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023. Ko babu doka ma, unguwa ɗaya muke, kowa ya san zanin kowa. Don haka in ka hango kati ko fayil ko allon sunaye a bayan wani hoto, ka goge ko ka ajiye hoton ka faɗa mini. Haka kuma ban son hoton Baturiya mai ciki tana murmushi irin wanda ake saukowa daga intanet.

Zan ce mai hoton ya turo maka su ta Document a WhatsApp, tunda ka ce in aka turo ta hanyar da aka saba suna raguwa su dushe a allo. Tambarinmu kuwa ba ni da asalin fayil ɗinsa, sai wanda ke kan takardar wasiƙa. Ka sake zana shi. Jinjirin watan da ke ciki ja ne a kan fari, ka mayar da shi kore. Jan jinjirin wata da jan kuros alamu ne da yarjejeniyar Janiba ta keɓe, ba na kowane asibiti ba ne, an daɗe ana yi mini tuni.

Maganar amincewa. Takardu uku zan ba ka kwafinsu don ka ɗauki lamba daidai: rajistar PHIMA, hukumar da ke kula da asibitoci masu zaman kansu a Jihar Kano, da lasisina na bana na MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, da takardar CAC. Lambar PHIMA ce kaɗai za ta hau allo, ƙarama a kusurwa. Tambarin inshorar lafiya, na NHIA da na KSCHMA, ka bar musu gurbi amma kada ka ɗora sai na turo maka takardar izini. Idan ba ta iso ba kafin ranar bugu, a buga babu su.

Na ga a samfurin da ka nuna mini ka rubuta "asibitin da ya fi kowanne a Kano" da "haihuwa lafiya tabbas". Na san kyautatawa ka yi niyya, amma a cire. Ƙa'idar aikinmu ta hana likita tallar kansa da kuri ko alkawarin warkewa, lasisina ne zai amsa, ba shagonka ba. Haihuwa lafiya kuma ta Allah ce.

Ga yadda za mu yi da gyara. Ka turo samfuri a PDF, in buga shi a takarda, ni da Sista Ladi mu bi shi da jan biro, in mayar maka cikin kwana biyu. Zagaye biyu muka yi ciniki, ba zan wuce ba. Na ƙarshe zan rubuta "a buga" a kowane shafi, da kwanan wata da sa hannuna. Duk shafin da ba ka ga wannan ba, bai tafi wurin bugu ba, ko da wa ya kira ka. Maigidana zai iya ce maka a ƙara kaza, akantanmu ma haka, ka gaishe su da kyau ka ce su faɗa wa Dakta. Launin allo kuma sai na ga ɗan yanki an buga a kan ledar kanta, don koren da ke waya daban yake da wanda ke fitowa a rana.

Idan kwana biyu suka wuce ka ji ni shiru, ba fushi ba ne, aiki ne. Kada ka kira da safe, Litinin da Laraba awo muke har azahar. Ka tura wa Bilkisu ta wurin yankar kati saƙo, ita ta san inda za ta tare ni. In jinkirin daga wurina ne, ranar kammalawa ta matsa da adadin kwanakin, ba zan ɗora maka ba.

Rabin kuɗin zai shiga asusunka gobe kafin la'asar, ragowar ranar da aka kafa allo ka kuma ba ni asalin fayilolin a filashi. Ka turo mini sunan wurin bugun da nauyin takardar da za a yi katin awo da ita, don katin wata tara yake yi a jakar mace tare da goro da makulli.

An kira ni, wata ta iso. Ka gaida Hajiya.

Dakta Hauwa