Ƙarfen sabis a bayan gidanka da waya a kunnenka: me binciken kimiyya ya nuna?

Satin da ya wuce bayan sallar isha'i muna zaune a majalisa nan Tudun Wada aka kusa ba hammata iska kan maganar ƙarfen sabis. Wani maƙocinmu ne kamfanin waya ya zo yana son hayar filinsa zai kafa turke, sai wani dattijo a layinmu ya ce wallahi ba a unguwar nan ba, wai a Sabon Gari an kafa irinsa mata sun dinga ɓari yara suna ciwon kai. Da yake ni fiziks nake koyarwa a sakandare sai kowa ya juyo kaina, Malam kai me ka ce? Na yi bayani iya yina amma kun san majalisa, kafin ka kai aya an katse ka sau biyar, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta a tsanake.

Kalmar radiyeshin ita ce ta fara rikita mutane, da an ji ta hankali ya tafi kan bam ɗin nukiliya. Alhali hasken fitilar ɗakinka radiyeshin ne, zafin da kake ji in ka matsa kusa da murhun mai shayi shi ma haka. Duk dangi ɗaya ne, igiyoyi ne na lantarki da maganaɗisu, bambancinsu saurin kaɗawa. Masu saurin kaɗawa sosai irin hoton ƙashi da ake ɗauka a asibitin Shika, da wanda masana ke aiki da shi a cibiyar binciken makamashi ta ABU inda aka kunna ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, su kam suna da ƙarfin da za su tsinka sinadaran ƙwayar halitta a jikin mutum, daga nan cutar kansa ke iya farawa. Shi ya sa za ka ga mai ɗaukar hoton ya laɓe bayan bango kafin ya danna, kuma ana tambayar mace ko tana da juna biyu.

To igiyar waya tana can ɗaya ƙarshen. Da megahaz ake auna saurin kaɗawar, wayoyinmu suna aiki ne a wajen megahaz 900, 1800, 2100, shi kuma 5G ɗin da aka yi gwanjon lasisinsa a Najeriya a Disambar 2021 yana kan 3500. Lambobin kamar manya ko? To hasken da idonka ke gani ya fi su saurin kaɗawa fiye da sau dubu ɗari. Ƙarfin kowane ɗigo na igiyar rediyo bai kai ya tsinka komai ba, kuma tara su da yawa ba ya canza wannan, kamar yara dubu ne kowa na jifan rufin bene da tsakuwa amma ba wanda hannunsa ke kaiwa, ko sun zama dubu goma ba dutsen da zai hau. Abin da aka tabbatar igiyar rediyo tana yi wa jiki in ta yi yawa abu ɗaya ne, ɗumamawa. Da shi na'urar ɗumama abinci ke aiki, sai dai ita tana zuba wat 700 zuwa 1000 ne cikin akwatin ƙarfe a rufe, waya kuwa iyakarta wat 2 a tsohon netwok, a 3G da 4G ma wajen kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya ne, kuma yawancin lokaci ba ta kaiwa nan.

Wani zai ce to ai kunnena yana zafi in na daɗe ina waya. Gaskiya ne yana yi. Amma yawancin zafin nan na batir ne da kayan cikin wayar, ga shi ka manna ta a kunci iska ba ta shiga, a zafin Afrilu ko faranti ka manna a kunne minti talatin sai ka yi gumi.

Yanzu ƙarfen sabis ɗin kansa. Waɗancan fararen allunan dogaye da ke can sama su ne eriya, kuma ba ƙasa suke kallo ba, suna harba sigina ne gaba, can nesa, kamar fitilar mota da ke haska titi amma ƙarƙashin motar duhu. Wanda gidansa ke gindin turken sau da yawa abin da ke iso masa bai kai na wanda ke ɗan nesa ba. Sannan ƙarfin igiya yana raguwa da sauri, in ka ninka nisa sau biyu ya ragu sau huɗu, in ka ninka sau goma ya ragu sau ɗari. Awon da aka sha yi a ƙasashe daban-daban a tituna da cikin gidaje yana nuna abin da ke isa ga jama'a ƙasa yake sosai da iyakar da aka ƙayyade, sau ɗaruruwa ko dubbai. Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne ma'aikacin da ke hawa sama ya tsaya gab da bakin eriya, su kuma suna da ƙa'idarsu ta aiki.

Ga abin da ya fi ba 'yan majalisarmu mamaki, sai da na maimaita sau biyu. Wayar da ke hannunka ta fi turken aiko maka igiya, don ita a jikin kanka take, shi yana can mita hamsin ko ɗari. Kuma waya tana da wayo, in sabis ya cika sai ta yi ƙasa da murya, in sabis sanda ɗaya ne sai ta ware iya ƙarfinta tana neman turke, kamar mai ƙwala wa wani kira daga wancan ƙarshen gona. Duk wanda ya taɓa zuwa ƙauye ya ga yadda caji ke zuba kamar an huda shi ya ga wannan da idonsa. Kenan in kun kori turke daga unguwa, wayoyinku ne za su ƙara ƙarfi a jikin kunnuwanku.

Sai maganar da ake yawan turawa a guruf, wai Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce waya na sa kansa. Ba haka ta ce ba, amma akwai inda maganar ta samo tushe. A watan Mayun 2011 sashenta mai binciken kansa, IARC da ke birnin Lyon a Faransa, ya sa igiyar rediyo a rukunin da suke kira 2B, ma'ana mai yiwuwa ne amma hujjar ba ta da ƙarfi. A wannan rukunin har da ruwan ganyen alobera da aka tatsa da ɓawonsa. Rukuni na 1 shi ne wanda aka tabbatar, nan taba sigari take, da giya, da hasken rana, da hayaƙin injin dizal (ku riƙe wannan na ƙarshen, zan dawo kansa).

Ɗaya daga cikin manyan dalilan sa shi a 2B ɗin shi ne wani babban bincike mai suna Interphone da aka yi a ƙasashe 13 aka fitar a 2010. Gaba ɗaya bai ga ƙarin kansar ƙwaƙwalwa ba, sai a ɗan rukunin da suka ce sun fi kowa daɗewa a waya aka ga alamar ƙaruwa. Matsalar ita ce tambayar mutane aka yi, awa nawa kake yi a waya shekaru goma da suka wuce, a wane kunne? Ni ko na watan jiya ba zan tuna ba, balle marar lafiya da ke neman abin da zai ɗora wa laifi. Masu binciken da kansu sun faɗi wannan raunin. Da aka bi ta wata hanyar, wato a ɗauki mutane tun suna lafiya a bi su shekara da shekaru, kamar yadda aka yi a Denmak da mutum sama da dubu 350, da Birtaniya da mata wajen dubu 776 wanda sakamakonsa ya fito a 2022, ba a ga bambanci tsakanin masu waya da marasa ita ba. A 2024 kuma aka fitar da wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, aka tattara bincike 63 daga 1994 zuwa 2022, sakamakon dai ɗaya, ba alaƙa da kansar ƙwaƙwalwa, har ga waɗanda suka haura shekara goma suna waya.

Akwai na ɓeraye da aka yi a Amurka ya fito a 2018, ba zan ɓoye shi ba don masu tsoratarwa suna son kawo shi. An ga ƙari a zuciyar wasu mazan ɓeraye, amma an yi ta zuba musu igiya ne a duk jikinsu awa tara kullum na tsawon shekara biyu, da ƙarfin da ya wuce abin da mai waya ke samu, kuma abin dariya waɗanda aka zuba wa igiyar sun fi sauran tsawon rai. Ni a wajena hujjar da ta fi gamsarwa mai sauƙi ce. Mu nan 2001 wayar salula ta shigo, Turai sun riga mu da shekaru, kuma suna da rajistar masu kansa da suke rubutawa ba fashi. Daga kusan ba kowa ke da waya ba zuwa kowa na da ita, adadin masu kansar ƙwaƙwalwa bai yi tsalle ba. Da taba ce da tuni an gani. Kuma kakanninmu sun sha sauraron Rediyon Kaduna da ake harbowa daga Jaji da ƙarfin da ya ninka na turken waya nesa ba kusa ba.

Masu ciwon kai da rashin barci kuma ba ƙarya suke ba, ciwon na gaske ne. Sai dai an sha gwadawa, a sa mutum a ɗaki a kunna na'ura ko a kashe ba tare da shi ko mai gwajin sun sani ba, sai a ga ba ya iya bambancewa, har ma ciwon kan tashi na'urar tana kashe in dai ya ɗauka a kunne take. Fargaba kaɗai tana hana barci. Mai yawan ciwon kai gara ya je a auna hawan jininsa a duba idonsa, kar a tsaya zargin turke ciwon yana cin gaba.

To dawo kan dizal. Na taɓa haya kusa da wani turke a Samaru, kuma abin da ya kore ni ba igiya ba ce, janaretansu ne, dare da rana yana gurnani, bututun hayaƙin ya kalli tagarmu, in damina ta zo baƙin mai ya biyo ruwa har bakin rijiya. Wannan koke ne mai hujja. Shi ya sa na ce wa maƙocinmu kafin ya sa hannu ya tambaye su ina za su aje janareta, ina hayaƙin zai fuskanta, da sola za su haɗa ko kuwa, nawa ne tazarar turken da katangar mutane, kuma waye zai biya in iskar farkon damina ta kayar da shi kan gidan wani. Hukumar sadarwa ta NCC da hukumar kare muhalli ta NESREA suna da ƙa'idoji kan wannan, a nemi a ga takardar izini.

Wanda duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, rage abin ba ya cin ko sisi. Sa iyafis ko ka buɗe sifika, nisan taƙi ɗaya ma ya rage abin sosai, doguwar hira kuma a yi ta inda sabis ya cika. A wayoyi da yawa in ka danna `*#07#` za ta nuna maka lambar SAR, wato yawan abin da jiki ke sha, iyakar da yawancin ƙasashe ke bi wat 2 ne a kowane kilo. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kar ya sa waya a aljihun gaban riga, wannan likitoci ne suka faɗa. Waccan sitika kuma da ake tallarta a kasuwa wai tana tare radiyeshin, asarar kuɗi ce, in ma ta tare wani abu to sigina ta tare, wayar ta ƙara ƙarfi kenan.

Dattijon namu dai har yanzu bai sauko ba, ya ce sai ya ga injiniyan kamfanin ido da ido. Mai unguwa ya sa ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidansa, an ce in zo da takarda da biro.