Wasiƙa Zuwa ga Iyaye Kan Ƙarin Kuɗin Makaranta

Ofishin Shugaban Makaranta,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ku cewa daga zango na biyu kuɗin firamare zai tashi daga naira 28,000 zuwa 35,000, na ƙaramar sakandare kuma daga 36,000 zuwa 45,000. Kuɗin mota da na kayan makaranta suna nan yadda suke. Sai da muka zauna da shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai kafin a tsayar da wannan adadi.

Mun san halin da gidaje suke ciki tun da aka cire tallafin fetur a 2023, shi ya sa ya zama haƙƙinku ku san inda kowace naira za ta tafi.

Babban dalili shi ne albashin malamai. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, alhali yawancin malamanmu ba su kai nan ba. Malaman lissafi da Turanci su ne suke fara tafiya, kuma idan malami ya tafi a tsakiyar zango, aji yakan yi makonni yana jiran wani, sabon ya zo bai san inda aka tsaya ba. Yaro ne yake kwana a ciki. Ɗalibai 420 ne suke biyan cikakken kuɗi, ƙarin zai tara naira 3,180,000 a zango. Daga ciki 1,920,000 za su tafi ga malamai 24, kowa ƙarin 20,000 a wata. A lura, kuɗin zango ɗaya albashin wata huɗu yake ɗauka, har da na hutu.

Naira 600,000 na man janareto ne don injin rijiyar burtsatse da ɗakin kwamfuta, 360,000 na takarda da buga jarrabawa, 300,000 kuma na sauya kwanon azuzuwa biyu da suke yoyo kafin damina.

Ana iya biya kashi biyu: rabi a makon farko, sauran kafin ƙarshen mako na shida. Mai 'ya'ya uku ko fiye za a sauke masa kashi ɗaya cikin huɗu a kan na ukun da na bayansa. Marayu ba a ƙara musu komai ba.

Don Allah a biya ta asusun makaranta kawai, a rubuta sunan yaro da ajinsa, a kawo shaidar biya wurin akanta a karɓi rasit. Kuɗin da aka turo ta mai POS da sunansa suke shigowa, sai mu kasa gane na wane yaro ne. Kada a ba malami ko direba kuɗi a hannu.

Wanda abin ya yi wa nauyi ya zo ofishina, Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 9 zuwa 12. Maganar tsakaninmu za ta tsaya, kuma ba za a kori yaro daga aji ba kafin mu zauna da iyayensa.

Allah ya yi wa zuri'a albarka, ya buɗa mana baki ɗaya.

Wassalam,
Shugaban Makaranta