Gyaran aikin gida na 3: iccen yiwuwa da gwajin asibiti

Ga ɗaliban ajin Tarminal D masu zuwa karatun yamma, nan Tawa.

Na duba kayenku 34. Zanen iccen kusan kowa ya yi shi da kyau, har wasu suka sa alƙalami mai launi, amma mutum 6 kaɗai suka samu tambaya ta ƙarshe. Ku ɗauko takardunku mu bi shi tare.

Tambayar ta ce: a wani gari, mutum 2 cikin 100 ke ɗauke da wani ciwo. In aka yi wa mai ciwon gwaji, yana fitowa fozitif sau 95 cikin 100. In aka yi wa lafiyayye, yana fitowa negatif sau 90 cikin 100. Ni na ƙirƙiro alƙaluman don lissafi, kada ku je ku ce na wani ciwo ne da kuka sani. M shi ne mai ciwo, S lafiyayye, T+ da T- sakamakon gwaji.

A kan allo na ba ku 0,02 da 0,95 da 0,90 kawai. Ƙa'idar cike sauran ɗaya ce: rassan da suka fito daga gaɓa guda, in aka tara su, 1 za su ba da. Saboda haka abokin 0,02 shi ne 0,98, abokin 0,95 shi ne 0,05, na 0,90 kuma 0,10. Daga nan sai a bi kowace hanya tun daga gindi har ƙarshen reshe ana ninkawa.

```
M 0,02 -- T+ 0,95 --> 0,019
       -- T- 0,05 --> 0,001
S 0,98 -- T+ 0,10 --> 0,098
       -- T- 0,90 --> 0,882
```

Ku tara alƙaluma huɗun na ƙarshe kafin ku wuce. In ba su kai 1 daidai ba, wani waƙafi ya goce muku. Mutum uku sun rubuta 0,19 a wurin 0,019, kuma da sun yi wannan tarin da sun kama kuskuren da kansu.

Tambaya ta biyu, yiwuwar gwaji ya fito fozitif. Hanyoyi biyu ke kaiwa ga T+, ɗaya ta wajen masu ciwo, ɗaya ta wajen lafiyayyu:

P(T+) = 0,019 + 0,098 = 0,117

Yanzu ga inda kuka zube. An ce: wata mata ta yi gwajin, ya fito fozitif, mene ne yiwuwar tana da ciwon? Yawancinku kuka ɗaga 0,95 daga kan reshe kuka ajiye, kuka ja masa layi biyu. Amma 0,95 amsar wata tambaya ce daban: mun riga mun san mutum na da ciwo, muna jiran mu ga abin da gwaji zai ce. Matar nan kuwa takardar sakamako ce a hannunta, ciwon ne ba a sani ba. Abin da aka sani shi ake sawa a ƙasa wajen rabawa:

P(M | T+) = 0,019 / 0,117 ≈ 0,162

Kusan 16 cikin 100, wato wajen mutum 1 cikin 6.

Na san wasu za su ce Malam, yaya gwaji mai kyau haka zai ba da 16? To ku ajiye waƙafi, ku ƙirga mutane. A tara mutum 10.000 a fili. Masu ciwo 200 ne, gwaji ya kama 190, 10 suka kuɓuce masa. Lafiyayyu 9.800 ne, gwaji ya yi wa kashi 10 cikin 100 ɗinsu ƙazafi, mutum 980 ke nan. Waɗanda za su koma gida da takardar fozitif 190 da 980 ne, jimilla 1.170, kuma masu ciwon gaske a cikinsu 190. Kuskuren gwajin kaɗan ne, amma a kan taro mai yawa ya faɗa. Dalilin da ya sa ke nan in an yi gwajin tantancewa ga jama'a, likita kan nemi gwaji na biyu kafin ya tabbatar wa mutum.

Wannan juyin da muka yi wa tambaya shi ake kira ƙa'idar Bayes, da sunan Thomas Bayes, wani limamin coci ɗan Ingila. Ya rasu a 1761, sai a 1763 aka buga aikin nasa. A jarrabawar Bak ba sunansa zai ba ku maki ba, rubuta rabon a fili zai ba ku, don haka kada ku ajiye 0,162 shi kaɗai ba a ga inda ya fito ba.

Aikin ranar Laraba: ku sake zana iccen da hannu a sabon shafi, gwajin bai canza ba, amma yanzu masu ciwo 30 ne cikin 100, kamar a ce waɗanda suka zo asibiti da alamun ciwon kaɗai ake gwadawa. Ni na samu kusan 0,80. Ku nuna mini hanyar, kuma ku rubuta layi biyu da Hausa a ƙasa kan abin da ya ɗaga amsar daga 16 zuwa 80 alhali gwajin ɗaya ne.