Dalilin da ya sa shafinki ya fito daban a wayar Inna

Assalamu alaikum Hajiya,

Barka da warhaka, ya kasuwa? Na ga hoton da kika turo mini jiya da daddare, na wayar Inna, kuma na fahimci abin da ya tayar miki da hankali. Hotunan atamfa da leshi da muka jera uku-uku sun dawo ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, sannan a sunan "Ɗakin Amarya" harafin farko ya zama ɗan akwati. Ki kwantar da hankalinki, shafin bai lalace ba, babu kuma wanda ya yi masa kutse. Na buɗe shi da safen nan a wayoyi uku da kwamfuta, komai yana nan daram.

Matsalar daga wayar take. Na lura Android 4.4 ce a kanta, wadda ta fito tun 2013, kuma Inna tana shiga ne da burawuzar da ta zo da wayar. Shafin intanet kamar yadi ne da takardar awo: mu muke aika su, burawuza ce telar da ke ɗinkawa a cikin kowace waya. Tsarin da na jera hotunanki da shi, CSS Grid, sai a watan Maris na 2017 ya shigo Chrome. Tsohuwar burawuza ba ta san shi ba, sai ta tsallake umarnin ta zuba hotunan a layi ɗaya. Shi kuwa ɗan akwatin, haruffan da ke cikin wayar ne ba su da Ɗ mai lanƙwasa.

Ba zan ce Inna ta sabunta manhaja ba, domin tun 2023 Google ya daina tallafa wa wannan Android ɗin. Kuma ba ita kaɗai ba ce, na san akwai masu sayen kayanki daga ƙauyuka da ke riƙe da irin wannan waya, kuɗinsu kuwa daidai yake da na kowa.

Don haka zan ƙara wani tsari mai sauƙi da tsofaffin wayoyi za su gane, hotuna su fito biyu-biyu, in kuma haɗa wa shafin nasa haruffan don ɓ, ɗ da ƙ su fito. Gaskiya ba zai yi kyan da yake yi a wayarki ba, amma za a ga kaya da farashi da lambar kira sarai, wanda shi ne ciniki. Aikin kwana biyu ne, kuma ba sai kin ƙara ko sisi ba, don ya kamata in gwada shi a tsohuwar waya tun kafin in miƙa miki.

In ba damuwa, a aro mini wayar Inna ranar Alhamis bayan la'asar, zan biyo ta shago in gwada a gabanki. A gaishe ta da kyau.

Na gode,
Sadiƙu