Jawabin ranar awo: alamomin da ba a kwana da su a gida

Assalamu alaikum. Sannunku da zuwa, ya nauyin jiki? Kafin mu fara awo ku ba ni hankalinku, masu cikin fari ku matso gaba.

Akwai hawan jini irin na masu ciki, wanda yakan fara bayan sati 20, wato daga wata biyar. Idan muka ɗaura miki abin awo a hannu muka ga 140 bisa 90 ko fiye, sai mu gwada fitsari. Dalili shi ne ciwon ba ya tsayawa a jini kaɗai: yana taɓa ƙoda, da hanta, da ƙwaƙwalwa, yana kuma rage jinin da ke zuwa wa jariri ta mabiyiya. Ƙarshensa, in an ƙyale shi, shi ne jijjiga, wadda wasu ke ce wa taune-taune. Sau da yawa jiki yakan yi gargaɗi kafin ta zo, kuma gargaɗin nake so ku gane.

Ciwon kai mai tsanani, wanda kin sha farasitamol kin kwanta bai sake ki ba. Ko ki ga ido yana yi miki hazo-hazo, ko walƙiya, ko abu ɗaya ya zama biyu. Ko zafi a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama, wanda da yawa ke ɗauka gyambon ciki ne. Sai kumburi. Kumburin ƙafa da yamma, mai saɓewa in kin ɗaga ƙafar kin huta, yawancin masu ciki suna yin sa. Wanda ke tayar mana da hankali shi ne ki tashi da safe fuska ta cika, fatar ido ta yi nauyi, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Za a ce miki ciki ya karɓe ki, ko a ce tagwaye ne. Ki yi godiya, ki ɗauko katinki ki taho a ranar.

Me ya sa nake cewa a ranar? Domin mace tana iya yin ciwon kai da hantsi, kafin isha ta faɗi. In kin iso da wuri, muna da maganin sauke jini, akwai kuma allurar magniziyam salfet da ke tare jijjiga, sannan likita ya duba ko lokaci ya yi da za a raba ki da cikin. In an jira sai kin faɗi, rai biyu ake ƙoƙarin cetowa a lokaci ɗaya.

Idan kuwa, Allah ya kiyaye, wata ta faɗi a gabanku, ba iska ba ce. A kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, kada a yi mata hayaƙi. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya.

Yanzu motsin ɗa. Ke kika fi kowa sanin lokacin da yake shure-shurensa. Maganar da ake yi cewa yaro yana daina motsi in haihuwa ta matso ba gaskiya ba ce. Yana motsi har cikin naƙuda. In kin ji ya yi sanyi ba kamar yadda ya saba ba, ki taho mu saurari bugun zuciyarsa. Jaririn da abinci da iska suka yi masa ƙaranci yakan rage motsi, kuma a wannan lokacin ana iya ceto shi. Kada ki ce bari in gani zuwa gobe.

Zubar jini ko kaɗan ne, fashewar faya kafin lokaci, zazzaɓi mai zafi, numfashi da ƙyar: duk hukuncinsu ɗaya. Kuma jijjiga tana kama mai jego ma, har zuwa sati shida bayan haihuwa, don haka ciwon kan mai jego ba na ruwan zafi ba ne.

Masu cikin fari, na san kunya. Ku kuka fi shiga haɗarin nan, ku da masu tagwaye da masu hawan jini ko ciwon suga tun da. Faɗa wa uwar miji ko yayarki kanki na ciwo ba rashin kunya ba ne. Yau in kun koma, kowacce ta nemi izinin maigida tun yanzu, cewa ko ba ya gari za ta iya fitowa. A ajiye kuɗin mota daban, a karɓi lambar mai adaidaita na unguwa. Ɗakin haihuwa a buɗe yake dare da rana, ba sai ranar awo ba.

Wadda take jin ɗaya daga cikin abubuwan nan a yanzu, ta ɗaga hannu, da ita za mu fara. Sauran ku miƙo katunanku.