Mi yas sa? Bin sarƙar dalili cikin darasin zagayen ruwa

Salam ɗiyana 'yan JSS 2, ya hutun Juma'a? Na gama makin ɗin aikin da kunka yi jiya, kusan kowa ya jera matakan daidai amma da anka zo ga tambayar "mi yas sa" sai abin ya watse, kuma nan ne maki yake ranar Litinin. Don haka mu sake karanta nassin tare, kowa ya buɗe littafinai wurin zanen da munka kwafa daga allo.

Ga nassin:

"Zafin rana na dumama ruwan teku da gulabe, saboda haka wani sashe nai ke zama tururi ya shiga iska. Itatuwa ma na fitar da tururi ta ganyensu. Iska mai ɗumi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, shi ya sa take tashi sama da tururin. Can sama akwai sanyi, kusan digiri 6 ke raguwa a kowace kilomita ɗaya. Idan tururin ya huce sai ya koma ƙananan ɗigo da ke kama ƙurar da ke cikin iska, su taru su zama gajimare. In ɗigon sun haɗu sun yi nauyi sai su faɗo. Wani ruwan ya gangara gulbi, wani ya nutse ƙasa."

To yanzu ku ɗauki fensir ku ja layi ƙarƙashin saboda haka, shi ya sa, idan, in, da sai. Waɗanga kalmomi su ne ƙugiyoyin sarƙar, abin da ke gabanin saboda haka, shi ya sa da sai dalili ne, abin da ya biyo baya sakamako, amma idan da in dalilin ne ke biye da su.

Zanen kuma rana na sama ta hagu, teku a ƙasanta, gajimare a tsakiya, tudu da itatuwa ta dama, sai gulbi da ya gangaro ya koma teku. Ku lura kibiyar da ta fito daga rana mai lanƙwasa ce, ba ruwa take nunawa ba, zafi ne. Sauran kibau su ke nuna inda ruwa ya bi. Kibiya tana gaya maka ina ya tafi amma ba ta gaya maka mi ya kai shi, wannan sai ka koma nassi ka nemo ka rubuta shi kan kibiyar da hannunka.

Inda akasarinku kunka faɗi shi ne tsakanin tururi da gajimare. Kun rubuta "tururi ya tashi sai ya zama hadari". A'a, kun tsallake sanyi, kuma wallahi in babu shi babu ɗigo ko ɗaya. Ku tuna ledar fiya wata mai sanyi da kunka saye bakin makaranta a watan Afrilu, kafin ka sha bayanta ya jiƙe sharkaf har yana ɗiga a hannunka alhali ledar ba ta huje ba, tururin cikin iska ne ya taɓa sanyi ya koma ruwa. Haka murfin tukunyar Inna in ta ɗaga shi. Abin da ke faruwa can sama ke nan.

Sarƙar taku ta fito haka: zafin rana → tururi → iska mai ɗumi ta tashi → ta huce → ɗigo → gajimare → ɗigo ya yi nauyi → ruwan sama → gulbi da rijiya.

Nana ta yi tambayar da ta burge ni, ta ce Malama ai lokacin bazara zafinmu na wuce digiri 40, ga Gulbin Rima ga dam ɗin Goronyo duk suna tururi, mi ya hana ruwa? Dalilin, wanga tururi bai isa ba, iskar rani da ke zo muna daga Sahara busassa ce. Sai iska ta juya tana busowa daga kudu maso yamma ɗauke da danshin Tekun Atilantika sannan damana ta kankama wajen Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta. Ke nan sakamako ɗaya na iya buƙatar dalili biyu, zafi da danshi.

Aikin gida, layi uku uku ya isa. Na ɗaya, ku goge kibiyar ruwan da ke nutsewa ƙasa, ku ce an malale unguwa duka da siminti, mi zai samu rijiya a watan Maris, kuma mi zai samu lambatu ranar da anka yi ruwa mai ƙarfi? Na biyu ku bi sarƙar da baya, ku fara daga shinkafar fadamar Kwalkwalawa kuna tambayar mi yas sa har ku kai ga rana, kowace jimla da "saboda" a cikinta. Wanda littafinai ba zane ya ari na maƙwabcinsa ya kwafa tun yau, a zo da fensir da rula. Ku gaishe min da mutan gida.