Kaduna ko Zariya?

Saura mako guda a fara jarrabawa, Hadiza da Rukayya suka zauna a tsakar gidan su Hadiza da ke Ƙofar Marusa a Katsina, suna bitar littafin da suke haɗa bayanan darasin tarihi a cikinsa. Tun farkon zango suka raba aikin: kowacce ta karanta babin da ya faɗo mata, ta taƙaita, ɗayar ta dogara da abin da aka rubuta.

Hadiza tana karantawa a bayyane sai ta tsaya a kan wani layi: "A 1938 aka mayar da Kwalejin Katsina zuwa Zariya."

Ta ce, "Ƙawata, akwai gyara a nan. Kaduna aka kai ta."

Rukayya ta karɓi littafin, ta ga rubutun hannunta ne, ta ce, "Haba Hadiza! Wannan makarantar ce ta zama Kwalejin Barewa, kuma kowa ya san a Zariya take. Daga littafi na kwafo, ba daga kaina ba."

Hadiza ta tsaya a kan cewa ta ji malaminsu ya ambaci Kaduna, Rukayya kuwa ta ce abin da kunne ya ji a aji mai hayaniya bai kai abin da ido ya gani ba. Gardama ta yi tsawo har Inna ta leƙo daga ɗaki, ta ce, "Ku da kuka san inda littafin yake, me ya hana ku je ku duba?"

Washegari da hantsi suka hau Keke Napep zuwa laburaren makaranta. Rukayya ce ta zaro littafin daga kanta, ta buɗe babin ilimin boko a Arewa, ta ɗora yatsa tana bin layi. Ga labarin buɗe kwalejin da Gwamna Hugh Clifford ya yi a 1922, ga sunayen ɗalibanta irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Can ƙasa yatsan ya tsaya. Jimloli biyu ne a jere, farkonsu iri ɗaya: ta farko ta ce an mayar da makarantar Kaduna a 1938, ta biyu ta ce an mayar da ita Zariya a 1949. Wajen kwafa, idon Rukayya ya tsallake layi, ta haɗa shekarar sama da garin ƙasa.

Rukayya ta yi shiru, sannan ta ce, "Kin yi gaskiya."

Hadiza ta ce, "Ai ke ma Zariyarki tana nan, shekara 11 kawai kika gaggauta mata. Ni ban ma san da 1949 ba."

Rukayya ta soke layin da jan biro, ta rubuta jimlolin biyu tare da lambar shafi a gefe. Daga nan ta tuna 'yan ajinsu uku sun ɗauki hoton wannan shafin da waya, ta fita waje domin ta kira su.